Saƙon Munawwara Daga Ƙofar Asibiti

A ƙaramin asibitin garinsu, can ɓangaren Kaoje, kowa Malama Munawwara yake ce mata, duk da babu sunanta cikin ma'aikata. Tun da ta gama makarantar koyon kiwon lafiya take aikin sa kai a wurin. Ita ke auna jarirai, ita ke lallashin uwayen da ke tsoron allura, da Hausa ko da Dendi, wanda duk mace ta fi ji. Da aurenta ya mutu ta dawo gidan mahaifiyarta, Inna Tasallah, mai sana'ar kifin banda. Su biyu ne a gidan, sai yayanta Manu da ke fatauci zuwa Binin, yana leƙowa in ya samu hanya.

Ta sha neman aiki ba a kira ta ba. Sai a wata damina wata ƙungiya mai kula da abincin yara ta aiko mata da imel: an zaɓe ta cikin waɗanda za a yi wa intabiyu ranar Talata a Birnin Kebbi. A ƙasa akwai sunan jami'ar ɗaukar ma'aikata, Shafa'atu, da lambar wayarta. Munawwara ta goge hijabinta, ta jera takardunta a jaka.

Ranar Lahadi da hantsi Inna ta faɗi a gaban murhun banda. Bakinta ya karkace, hannun hagu ya saki. Munawwara ta san abin da take gani. Ruwa ya riga ya cinye hanyar garin, don haka a kwalekwale aka fitar da su zuwa inda mota ke tsayawa, daga nan sai asibiti a Bagudo. Likita ya ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma haɗiya ma sai an kula, kada ta shaƙe.

A ɗakin mata dole mace ce za ta zauna da marar lafiya. Mai iya karɓar Munawwara a jinyar ɗaya ce, Gwaggo Mairama, ƙanwar Inna, ita kuwa tana wani ƙauye da ruwa ya kewaye, wayar mijinta ba ta shiga.

Manu ya iso da yamma, ya same ta a baranda.

"Ki tahi abinki," ya ce. "In roƙi matar da ke jinyar gadon kusa ta riƙa duba ta. Kwana guda ne."

"Yaya, ba ta san yadda ake ba ta ruwa ba. Cokali guda in ya bi wata hanya, shi ke nan."

"To mi za ki yi?"

"In rubuta musu su ɗaga mini."

"Su ɗaga miki? Mutane nawa ke layi? Cewa za su yi tun ba a ɗauke ki ba kin fara kawo uzurin gida."

Abin da take tsoro ke nan. Ta koma ciki ta zauna bakin gado da waya a hannu. Ta fara rubutu da Turanci, ya yi ta tsawo: shekarun da ta yi ba albashi, mutuwar aurenta, ruwan da ya ci hanya, roƙo don girman Allah. Da ta karanta sai ta ji kunya. Wannan ba mai neman aiki ba ce, mai neman taimako ce. Ta goge. Ta yi tunanin ta yi shiru ta ga ko Gwaggo za ta iso kafin Talata. Amma in ba ta iso ba, sai a kira sunanta a ga kujera ba kowa, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Ta sake rubutawa a ƙarƙashin imel ɗin da suka aiko, don a gane ko wace ce. Ta gode da gayyatar. Ta ce an kwantar da mahaifiyarta a asibiti ba zato, kuma a yanzu ita kaɗai ke jinyarta, don haka ba za ta samu zuwa ranar Talata ba. Ta ba da haƙuri kan ɓata musu tsari, ta ce tana son aikin ƙwarai. Ta tambaya ko za a iya mayar da ita Alhamis ko Juma'a, ko a yi ta waya in ya fi musu sauƙi. Ta sa cikakken sunanta, da aikin da ta nema, da lambarta.

Sabis ba ya kamawa a ɗakin. Sai da ta fita har bakin ƙofar asibiti saƙon ya tafi. Litinin da safe ta kira lambar Shafa'atu don ta tabbatar an gani.

"Na gani, Malama Munawwara," in ji Shafa'atu. "Allah ya ba Inna lafiya. Kin kyauta da kika faɗa da wuri. Ta waya dai ba zai yiwu ba, akwai gwajin da za ki yi a gabanmu, awon dantsen yaro da sauransu. Na yi magana da kwamiti, sun mayar da ke Juma'a da safe. Amma ranar suke kammala intabiyun su tashi. Bayan nan ba ni da iko."

Munawwara ta yi godiya. An ba ta abin da ta roƙa, amma ba ta ji sauƙi ba.

Kwanakin suka tafi tsakanin gado da famfo. Ta juya Inna kada bayanta ya yi gyambo, ta wanke zannuwa ta shanya a katanga, ta ba ta kunu kaɗan-kaɗan. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai ta leƙa ta taga. Manu ya tafi neman mai kwalekwalen inji da zai shiga wajen Gwaggo, aka ce ruwan ya yi ƙarfi, a jira ya lafa. Inna ba ta iya magana sosai, amma tana gani. Wata rana ta nuna jakar takardun da hannunta mai lafiya, ta nuna ƙofa.

"Ba inda za ni, Inna," Munawwara ta ce. "Buɗe baki."

Alhamis da azahar ta san ba za ta tafi ba. Ba ta sake neman a ɗaga ba. Ta rubuta cewa jikin mahaifiyarta bai ba ta damar tasowa ba, tana janyewa tun yanzu don su yi amfani da lokacin, ta gode da alfarmar da aka yi mata, kuma tana fatan za su duba ta in an sake buɗe gurbi. Shafa'atu ta amsa a taƙaice: ta fahimta, kuma in an sake talla ta nema, ta sanar da ita.

Gwaggo Mairama ta iso ranar Asabar, zaninta jiƙe har gwiwa, tana ta ba da haƙuri. Munawwara ta karɓi ƙullin kayanta, ta nuna mata yadda ake ɗaga kan Inna kafin a ba ta ruwa.

Inna ta tashi, amma hannun bai dawo ba, kuma banda ta gagare ta. Munawwara ce ke hura murhun yanzu da sassafe kafin ta wuce asibitin garinsu, inda har yau babu sunanta cikin ma'aikata. Bayan girbin shinkafa ƙungiyar ta sake talla. Ta nema, ta sanar da Shafa'atu kamar yadda aka ce mata. Shafa'atu ta ce takardunta sun shiga, kwamiti ne zai tace. Ba a kira ba tukuna.