Wanda Ya Yi Tambayar

Shekara tara na yi ina karanta labarai a rediyo kafin na koma wata ƙaramar ƙungiya a Jimeta, a lokacin da mutane ke ta kwararowa Yola daga Borno da arewacin Adamawa saboda rikici. Aikin ƙungiyar shi ne wayar da kan iyaye mata a kan gudawar yara, a Yolde Pate da Mbamba, inda 'yan gudun hijira da yawa suka raɓe a gidajen mutane. Ni aka ba rubuta tsarin bibiya da tantance aikin, wato takardar da za ta nuna ko muna cin nasara ko ba ma ci.

Na rubuta shi da kulawa. Ma'auni na farko shi ne yawan iyaye mata masu yara 'yan ƙasa da shekara biyar da za su iya faɗin alamomi uku na haɗari idan yaro yana gudawa, kamar kasa shan nono, faɗawar idanu, ko jini a bayan gida. Na biyu, yawan gidajen da aka ga ruwa da sabulu a wurin wanke hannu, gani da ido. Na uku, yawan yaran da aka kai asibitin unguwa da gudawa, wanda za mu riƙa ɗebowa daga rajistar asibitin kowane wata. A gaban kowane ma'auni na rubuta inda za a samo bayanin, da lokacin, da burin da muke so mu kai. Masu ba mu tallafi suka nemi a ƙara sharaɗi ɗaya: unguwar da ta kai buri a ma'auni na farko, za a bar ta a koma wata. Na ƙara da hannuna.

Kafin a fara aiki sai an yi binciken farko, don a san inda mutane suke, a samu abin da za a gwada sakamako da shi daga baya. A ofis besilayin muke ce masa. Lokaci ya ƙure mana, sai muka ɗauki samari ɗalibai shida, na horar da su kwana biyu, na ce su shiga kowane gida na biyar a kowane layi. Takardun suka dawo a cike. A Yolde Pate, kusan kowace takarda amsarta ɗaya ce: ban sani ba.

Shugabar ofishinmu Ibo ce, haifaffiyar Jimeta, muna ce mata Madam. Da ta ga sakamakon ta kama haɓa.

"Malam, wannan mutane ba su san komai ba fa. Aiki yana gabanmu."

Wadda ta riƙe aikin a Yolde Pate wata mata ce da ta gudo daga Borno da jikokinta, kowa Hajja yake kiran ta. Ita ke jagorantar matan sa-kai da ke bin gida-gida da littafin hotuna, suna nuna yadda ake zuba ƙullin ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, a lita ɗaya na ruwa mai tsabta. Jikarta ɗaya ta rasu da gudawa a hanyarsu ta zuwa. Sau ɗaya kawai ta gaya mini, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Bayan shekara muka zo binciken ƙarshe. A wannan karon muna da lokaci, sai muka ɗauki mata, saboda sun fi samun shiga gidaje. Tambayoyin ba su canza ba, gida na biyar ɗin ma haka. Da na gama shigar da amsoshin a kwamfuta, Yolde Pate ta wuce burin ma'auni na farko nesa ba kusa ba. Madam ta aika aka sayo tsire. Amma ma'auni na biyu bai motsa ba, kuma rajistar asibiti ba ta nuna wani sauƙi ba.

Na hau keke na tafi wurin Hajja. Na same ta tana tsintar shinkafa a ƙofar ɗakin da aka ara mata. Na gaya mata sakamakon, na tambaye ta ko matan sun koyi abin ne haka da sauri. Ta yi dariya ba tare da ta ɗago kai ba.

"Malam, kai da karatunka. Wa ka aiko mana bara?"

"Ɗalibai."

"Maza. Suna sallama a ƙofar gida, maigida ya fito, ya kira matarsa ta tsaya a bayan zana, uwar mijin tana zaune. Sai baƙon namiji ya ce ta faɗi yadda kashin ɗanta yake. Wata ma ɗan farinta ne, da ko sunansa ba ta kamawa. Me za ta ce?"

"Ban sani ba," na ce.

"To, ka ga ka iya amsar. Wasunsu ma Fulatanci ko Barbarci suka fi ji, yaranka kuma Hausa suke ta zuba. Yawancinmu mun san alamomin nan tun a gida. Abin da ba mu da shi ruwa ne. Jarkar da mai kura ya kawo, da ita za a sha, da ita za a dafa. Wa zai bari a ƙarar da ita a wankin hannu?"

A tsarin da na rubuta akwai komai, ban da layi ɗaya da zai faɗi wanda zai yi tambayar, da inda za a yi ta, da harshen da za a yi ta da shi. Saboda haka binciken biyu ba sa gwaduwa da juna. Tazarar da ke tsakaninsu, ba mu san nawa ne daga aikin Hajja ba, nawa ne daga kunyar bara.

Sai na gaya mata sharaɗin barin unguwa. Ta ajiye tiren.

"Wato saboda mun amsa daidai za ku tafi? Damina ce ke zuwa, Malam. Ƙullin nan da muke rabawa, wa zai kawo?"

Washegari na kai wa Madam maganar. Ta saurare ni har na gama, fuskarta ta sauya.

"Malam, abeg. Ka san abin da kake faɗa? Idan muka ce besilayin ya lalace, Mbamba ma ya lalace. Ba mu da komai a hannu ke nan."

"Na sani, Madam. Amma laifina ne, kuma sai an rubuta."

Ba ta hana ni ba. Na rubuta shafi guda, na bayyana bambancin masu tambaya, na nuna cewa ma'auni na biyu da na uku ba su goyi bayan na farko ba, na roƙi a ci gaba da aiki a Yolde Pate a zango na biyu na shirin. Madam ta sa hannu ta aika.

Amsar ta zo bayan mako uku, cikin ladabi. Sun gode da gaskiyarmu. Sun ce a zango na gaba mata su yi duka binciken biyu, kuma a riƙa yanke hukunci da ma'auni fiye da ɗaya. Amma sharaɗin da aka sa wa hannu yana nan, an riga an ware wasu unguwanni, Yolde Pate ta kammala.

Ni na je karɓo kayan aikin. Hajja ta tara matanta a tsakar gida, sun ninke rigunan aikin da muka ba su, sun jera littattafan hotunan, gefunansu duk sun yi laushi saboda yawan buɗawa. Na ƙirga, na sa hannu. Ta riƙe littafi ɗaya a cinyarta.

"Wannan ka rubuta ya ɓace."

Na rubuta an bar shi a wurin shugabar matan sa-kai. Akwai ragowar kwalin ORS a ofis, Madam ta ce in kai mata, na kai. Ya kai su tsakiyar damina. Bayan haka Hajja ta kira ni sau biyu tana tambaya ko akwai saura, na ce babu, ta ce Allah ya kyauta. Daga nan ba ta sake kira ba.