Mamuda da Talabijin Mai Nawa

Duk wanda ya yi kallon ƙwallo a Yelwa cikin shekaru goman nan ya san rumfar Mamuda da ke bayan tasha. Ɗan masunta ne daga Wara, amma tun yana saurayi ya gane shi da ruwa ba sa shiri. Ya bar wa yayyensa kwalekwale da koma, ya hau mota zuwa Yelwa, ya yi ɗaurin eriya da wankin janareta a gidan kallon wani, har Allah ya nufa ya kafa nasa.

Abin da Mamuda ke taƙama da shi a duniya shi ne ido. Yakan zauna da rimot yana ƙara launi, yana ƙara kaifi, har ciyawar fili ta yi shar kamar shinkafar fadama. Akwai wani saiti da ke sa gudun 'yan wasa ya yi sumul, shi ma ya ƙure shi. Masu kallo suna yabawa, shi kuwa yabo ne abincinsa.

Da ya ga ranakun da babu wasa rumfa na zama fayau, sai ya sayi PS, na'urar buga gem, da wata ƙatuwar talabijin, a jikin kwalinta an rubuta 120 ɓaro-ɓaro. Ya saita ramin talabijin da ya jona PS ɗin daidai yadda ya saita na dikoda. Samari da 'yan acaɓa suka riƙa cika benci suna buga gem ɗin ƙwallo, suna ƙorafin wai 'yan wasan na da nawa, amma da yake ba su da wani wurin zuwa, suka haƙura.

Sai Aminu, ƙanen matarsa Hadiza, wanda ya yi shekara uku yana aiki a hannunsa, ya buɗe nasa shagon a hanyar bakin ruwa. Allon kwamfuta ya samo na hannu, ɗan ƙarami, bai fi faifan tankaɗe ba. Mamuda ya je ya sa albarka, ya dawo yana dariya har da riƙe ciki.

Dariyar ba ta kai wata biyu ba. Ɗaya bayan ɗaya masu buga gem suka koma wurin Aminu. Mamuda ya tare wani ɗan acaɓa da ya daɗe yana zuwa, ya tambaye shi laifin da aka yi masa.

"Wallahi ba laihi, Mamuda," in ji shi. "Amma nan in ka danna, sai ɗan wasan ya yi shawara kahin ya buga. Can kau, kana taɓawa ya tahi."

Mamuda ya ce hannuwansu ne suka mutu. Duk da haka ya sauya hannun gem, ya sauya waya, abin bai canza ba.

Kishi ya kama shi, kishi na gaske. Rashin ciniki bai ci masa rai ba kamar a ce yaron da ya koya wa jona waya shi ne yau ake ambato. Bayan la'asar yakan zauna a bakin rumfa, talabijin na ta sheƙi ga bencuna, yana kallon babura suna gangarawa bakin ruwa. Ya san inda kowanne za shi. In aka ce Aminu a majalisa sai ya tashi da sunan zai duba janareta.

Aminu ya zo gaisuwa wata safiya, ya durƙusa, ya ɗan kalli allon.

"Yaya, da za ka ba ni rimot in taɓa maka wani abu kaɗan."

"Kai za ka koya mini hoto? Da wanga faifan naka?"

Aminu ya yi sallama ya tafi. Da labari ya kai gida Hadiza ba ta raga wa Mamuda ba. "Baban Safiya, mi yaron ga ya yi maka? Gyara ya kawo, ka kore shi kamar ya zo roƙo." Mamuda ya ce mata ba ta san sana'a ba, ta ce ai ta san bencin da ba kowa a kai.

Ranar kasuwa ya ƙirƙiro saƙo, wai surukarsa Inna na neman Aminu, ya taka har shagon. Ya tarar da shi maƙil, har da masu leƙe ta taga. Wani ya miƙa masa hannun gem don girmamawa, shi kuma ya karɓa don ya samu abin kushewa. Hoton dishi-dishi ne, wannan ya faranta masa. Sai ya danna. Ƙwallo ta tashi tare da yatsansa. Ya sake dannawa, haka. Ya so ƙwarai ya ce ƙarya ne, amma babban yatsansa ya riga ya gaskata. Ya ajiye ya fita, ko saƙon bai isar ba.

Kwana uku yana juya rimot shi kaɗai, yana ƙara abin da ya saba ƙarawa, nawar tana nan. A na huɗu ya ce wa Hadiza, ba tare da ya kalle ta ba, ta gaya wa ƙanenta in yana da sarari ya biyo.

Aminu ya zo da azahar, abin haushi kuma mutum biyar suka biyo shi. Ya shiga saitin hoto ya zaɓi Game Mode.

"Yaya, duk kwalliyar ga da kake so, sai talabijin ta riƙe hoto ta yi mai aiki kahin ta nuna. A kallo ba mai ji, tunda ba kai ke bugawa ba. A gem kau, jiran nan shi na nawar. Wanga saitin na hana ta tsayawa kwalliya."

"To ɗari da ishirin ɗin da ke kwali fa?" Mamuda ya faɗa da zafi.

Aminu ya buɗe bayanin allo, ya nuna masa 60Hz. "Sau sittin take sabunta hoto a daƙiƙa, PS ɗin ga ma sittin yake turowa. Sun dace. Ragowar ita ke ƙirƙirarsu tana cusawa tsakani don gudu ya yi sumul, kuma sai ta jira hoton gaba kahin ta ƙirƙira." Ya tabbatar saitin sumul ɗin a kashe yake, haka na share dusar hoto. Ya ce na dikoda ba a taɓa shi ba, kowane rami da saitinsa.

Ciyawa ta ɗan koɗe. Mamuda ya ji kamar an wanke masa sabuwar shadda da ruwan toka. Amma ɗan acaɓan nan ya ɗauki hannun gem, ya buga minti ɗaya, ya buga ihu.

Cikin mako rumfa ta sake cika, don ta fi faɗi, ta fi iska, allonta ya fi girma. Mamuda ya tsaya a ƙofa yana amsa gaisuwa, ya fara jin ya dawo mutum. Sai ga wani baƙo daga Shanga ya faka babur, ya leƙa ciki, ya dube shi.

"Malam, nan ne wurin da Aminu ya gyara?"

Mamuda ya kalli bencunan da suka cika. Ya kauce daga bakin ƙofa.

"Nan ne," ya ce. "Shiga."