Jan Fentin Shagon Yaya

Ni na sa Yaya ta yi wa shagonta jan fenti, kuma har yau idan na tuna abin da ya biyo baya sai na ji zuciyata tana tafasa. A lokacin shekara biyu ke nan da ƙaddamar da shari'a a Kano. Ina koyar da girki da kula da gida a wata makarantar 'yan mata a Kibiya, kullum in hau mota daga Rano in dawo bayan azahar. Yaya, babbar 'yar mahaifiyarmu, ta gama takaba ba da daɗewa ba, mijinta direba ya rasu ya bar mata yara huɗu. Ta ce ba za ta zauna tana jiran a ɗebo mata hatsi a kwano ba. Kawu, ƙanen Inna, yana da wani shago a bakin tashar Rano, kusa da inda motocin Kibiya suke lodi, ya ba ta ta riƙa sayar da abinci. Wannan kam ya kyauta, ba zan ci masa haƙƙi ba.

Girkin Yaya ba ya buƙatar talla ga wanda ya taɓa ɗanɗanawa. Matsalar ita ce babu mai shigowa ya ɗanɗana. Shagon siminti ne tsura, toka-toka, a tsakanin mai faci da mai sayar da baƙin mai. Fasinja ya sauko da yunwarsa, idonsa ya wuce ta kan shagon kamar ba ya nan.

A kwalejin horon malamai an koya mana abin da launi yake yi wa mai jin yunwa, ni kuwa ina da ciwon nan na sababbin malamai, duk abin da na sani sai na juye wa na kusa. Na je kantin maƙwabcinmu na kwaso ledojin taliyar yara, da gwangwanin tumatir, da kwalin dunƙulen miya, da biskit, na baje wa Yaya a kan tabarma, na ce ta duba ta gaya mini me ya haɗa su. Ta juya su ta juya, ta ce yawancinsu ja ne da rawaya da ruwan lemo. Na ce to ba a banza masu kamfani suka yi haka ba. Ido yana saurin tsinto waɗannan launuka daga nesa, musamman a cikin ƙura da cunkoson tasha. Sannan tun muna yara mun saba nunanne ja ne ko rawaya: mangwaro, gwanda, tumatir, attaruhu, gasasshen nama, manja a kan wake. Mutum yana ganinsu sai ransa ya tafi ga abinci kafin ya yi tunani. Shuɗi kuwa da wuya ka same shi a tukunya, in ka gan shi a jikin burodi to ya yi hunhuna. Na gaya mata gaskiya cewa fenti ba ya sa wa ƙosasshe yunwa, ba ya gyara miyar da ta yi salam. Aikinsa ya juyo da kan mai yunwa, sauran aikin na ludayinta ne.

Muka sa mai fenti ya yi wa gaban shagon ja, ya ja layin rawaya a bakin ƙofa da taga. Ciki muka yi ruwan ƙwai mai haske. Rumfar waje muka ɗaura mata tanfol ruwan lemo, idan rana ta bugo shi miyar cikin kula sai ta yi ta sheƙi kamar yanzu aka sauke. Kafin wata ya zagayo Yaya ta ƙara tukunya. Direbobin Kibiya suka daina cewa shagon matar marigayi, suka koma cewa jan shago. Babbar 'yarta ta koma makaranta. Na fara ganin Yaya tana dariya har da buga cinya, abin da rabona da gani tun kafin rasuwar.

Sai magana ta fara yawo. Ban taɓa sanin wanda ya fara ta ba, irin maganar nan ce da kowa yake cewa ji ya yi. Wai shagon ya yi kama da wuraren shaye-shaye irin na birni. Wai bazawara ba ta shafa wa ƙofarta ja sai da manufa. Yaya da hijabinta har ƙasa take zuba abinci, benci tsakaninta da maza, 'yarta ce ma take miƙa kwano idan ta taso daga makaranta. Ba wanda ya ce ya ga ta yi wani abu. Bangon kawai aka kama da laifi.

Wata Asabar Kawu ya kira mu zaurensa. Na tafi da ledojina a jaka, a wautata ina zaton hujja za ta yi aiki. Ya ce mutane masu mutunci sun same shi a masallaci, kuma shi ba zai bari a ja sunan gidansu a ƙasa a kan gwangwanin fenti ba. Na durƙusa na baje ledojin, na yi bayani tiryan-tiryan yadda nake yi wa 'yan aji. Na ce ko dunƙulen da ake sa masa a miya a irin wannan kwalin yake zuwa. Na ce na tambayi malamin unguwarmu, mai karantar da manya bayan la'asar, ya ce bai san inda aka hana shafa wa bango ja ba. Kawu bai ko kalli ledojin ba.

"Ke boko ne yake ɗibarki," in ji shi. "Abinci da baki ake ci, ba da ido ba. In girkinta na kirki ne, ko a kango za a zo a saya."

Yaya ta taɓa ni da gwiwar hannu alamar in yi shiru. Na yi shirun, kuma wannan shirun yana cikin abubuwan da nake jin haushin kaina a kansu.

Akwai ragowar fentin da Kawu ya yi wa ƙyauren gidansa, shuɗi mai duhu, mai maiƙo. Shi ya sa aka shafe shagon da shi ciki da waje, ya ce kalar kamala ce. Tanfol ɗin ma ya sa aka sauke, ya kawo wani shuɗi da ake shanya masara a kai. Ranar Litinin da na sauko daga mota na leƙa kular miya, sai na ga kamar ba miyar Yaya ba ce. Hasken da yake ratsa shuɗin tanfol ya kashe jan miyar, ta koma baƙi-baƙi kamar ta kwana biyu. Shinkafa ta yi kalar toka. Naman kuwa ba a magana. Na ɗebi cokali ɗaya na fita rana, ga ta nan ja zur, miyar Yaya ce dai da na sani. Na komo ƙarƙashin rumfa ta sake mutuwa. Sau uku ina shiga ina fita da cokali a hannu, har mai faci ya tambaya ko lafiya.

Ba zan ɗora wa shuɗin fenti komai da komai ba. Tsofaffin direbobi sun ci gaba da zuwa, bakinsu ya riga ya sani. Amma cinikin tasha na baƙi ne, masu sauka sau ɗaya su wuce, su kuwa da ido suke zaɓa. Na sha ganin mutum ya buɗe kula, ya tambaya ko miyar jiya ce, ya mayar da murfi. Ga kuma wancan zancen, wanda sake fentin bai kashe shi ba, sai ma ya tabbatar wa mutane cewa da akwai abin da aka rufe. Masu gudun a gan su suka ɗauke ƙafa. Yaya ta rage tukunya, ta sake ragewa. Abinci yana kwantai, yaranta suna cin ɗumame har suka ƙi jinin shinkafa. Na roƙe ta mu sauke tanfol ɗin ko da shi kaɗai, ta ce shagon ba nata ba ne, kuma ba za ta sa Inna kuka a tsakaninta da ƙanenta ba. Kafin damina ta tsaya ta kwashe kulolinta ta mayar wa Kawu makulli. Ya ce dama zaman gida ya fi mata daraja.

Bayan kamar shekara guda babban ɗan Kawu ya dawo daga Kano, inda ya yi aiki a wani gidan abinci mai gilasai. Aka ba shi shagon. Da yake ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, Kawu ya kawo shawarar da ya kira taimakon zumunci: Yaya ta riƙa girkawa a gida, a zo a ɗauka a baro, a riƙa ba ta ladan aiki. Ta karɓa, yara huɗu ba sa cin fushi. Sai dai miyar ta ci gaba da yin baƙi a ƙarƙashin shuɗin tanfol, ko da namiji ne yake zubawa.

Wata ranar Juma'a Kawu ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a zauren nan, a kan buzunsa, ɗansa a gefe da mai fenti. Ya yi gyaran murya ya ce yaron ya gaya masa duk manyan gidajen abinci na birni ja da rawaya suke yi, ashe wai ilimi ne.

"Ke da kika karanta abin," ya ce, "yi musu bayanin nan da kika taɓa yi. Wanne ake sawa a waje, wanne a ciki?"

Na dube shi na ce, "Kawu, mutanen masallacin fa?"

Ya ce ai wannan daban, yaron namiji ne.

Maganganu sun cika mini baki, waɗanda da na faɗe su da Inna ba ta sake kallon fuskata ba. Na so in ce su bar shi shuɗi, kalar kamala. Na so in tashi in kaɗe zanina in fita. Amma na tuna idan shagon bai yi ciniki ba, za a rage tukunyar da Yaya take ɗorawa, ita ce za ta fara ji a jikinta. Don haka na zauna na gaya musu komai, ja a gaba, layin rawaya a ƙofa, ruwan ƙwai a ciki, tanfol ruwan lemo. Har na ƙara musu da cewa su sayi fararen faranti don jan miyar ya fito. Kawu yana ta gyaɗa kai yana sa mini albarka.

Shagon ya cika cikin sati biyu, ba wanda ya sami Kawu a masallaci. Wata rana da yamma na biya wajen Yaya, na tarar da ita a gaban murhu uku, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja. Na ba ta labarin yadda layi ya kai har gaban mai faci. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da juya miya. Can ta tambaye ni ko jan miyar yana fitowa sosai a ƙarƙashin sabuwar rumfar, don ita an ce kada ta riƙa zuwa wajen, ba ta gani ba.