Raƙumin da Bai Ga Fuska Ba

A shekarun da dokar hana fita take kora mu gida tun kafin magariba, Kaka ce rediyonmu. Gidanmu na unguwar Abbaganaram ya cika da dangin da suka gudo daga ƙauyuka, wutar lantarki kuma mun manta kamanninta. Da an idar da salla sai Kaka ta jawo murhun gawayi tsakar gida ta ɗora butar shayi, mu kewaye ta. Ba na tuna mu da annashuwa sosai. Gajiya nake tunawa, irin wadda barci ba ya wanke ta.

Cikin baƙinmu akwai Yagana, 'yar ƙanen Kaka, wadda ta zo daga bakin tafki da yara biyu da ƙunshin kaya a ka. Kanuri take ji, Hausarta ta cefane ce kawai. Mama kuwa Bashuwa ce, tashin unguwar Gomari, don haka Hausa ce ta haɗa su. Mama mace ce mai gatse. Idan na fasa kofi sai ta ce, "Madalla, ɗauko sauran ma." Mu 'ya'yanta mun san karatun: za ta ja muryar, ta ɗaga gira ɗaya, sai mu nutsu.

Wata rana aka rufe hanyar unguwarmu, 'yan ga-ruwa ba su shigo ba. Rabin duro ya rage mana. Mama ta fito daga kicin ta tarar da Yagana tana ɗiba tana wankin kayan yaranta. Ta tsaya ta ce, "Sannu da aiki, Yagana. Ki ƙarar da shi duka, ai kogi gare mu a bayan ɗaki."

Amma ranar Mama ta gaji. Muryarta ba ta ja ba, girarta ba ta motsa ba, maganar ta fito a miƙe kamar izini. Yagana kuma kanta na sunkuye a kan baho. Ta ce, "Na gode, Ya Halima," ta haɗa har da zannuwan gadonmu ta wanke tas. Da lokacin girki ya yi aka leƙa duro, sai ƙasansa. Matan gidan suka kwashe da dariya, wata ta fassara mata da Kanuri abin da Mama take nufi. Yagana ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗaure ƙunshinta, ta ce gari na wayewa za ta tafi sansanin 'yan gudun hijira. Duk mun san halin da ake ciki a can, ga ƙaramin ɗanta yana tari.

Da yamma Kaka ta hura gawayi kamar ba ta ji komai ba, ta ɗora shayi da ɗan ruwan da ya rage a butarta. Ta aika a kira Yagana ta zo ta kama mata fifita.

"Ga ta nan ta iso, ita ma a gajiye," in ji Kaka, tana buɗe tatsuniya.

Muka ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wai an yi wata tsohuwa mai gonar wake da awaki. Duk sanda awakin suka faɗa gonar sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Ku ci, ku ci, ai gonar ubanku ce!" Su kuwa sai su zura da gudu, don tare suka tsufa, sun san muryar, sun san sandar da ke biye da ita. Rannan wani raƙumi ya ɓace wa ayarinsa, yunwa ta jawo shi bakin shingen. Tsohuwa ta riƙe ƙugu ta faɗa masa abin da ta saba faɗa. Raƙumi ya ce a ransa, mutanen garin nan akwai karamci. Ya cinye wake har ganye, ya durƙusa ya yi godiya. Tsohuwa ta ja shi ƙara wurin alƙali kunkuru.

Kunkuru ya tambaye ta, "Me kika ce masa?"

"Na ce ya ci. Amma kowa ya san ba haka nake nufi ba!"

"Kowa wa?"

"Awakina."

Kunkuru ya juya ga raƙumi. "Ba ka ga fuskarta ba?"

Raƙumi ya ce, "Ranka ya daɗe, kaina yana can sama, ita tana can ƙasa. Kalmomin ne kawai suka hau zuwa wurina. A garinmu kuma idan an ce wa baƙo ci, to ci ake nufi."

Nan Kaka ta tsaya ta zuba shayi. Tana ba da labarin da Hausa, tana maimaita shi da Kanuri, don kada kowa ya tsira.

Ta ce, "Gatse, jikokina, magana ce da baki ke faɗin abu, murya da fuska suna ƙaryata shi. Kafin ya isa, sai mai ji ya san gaskiyar da kuka sani. Wanda ya san babu kogi a bayan ɗaki, shi ne zai ji wasan. Wanda ya zo jiya, ina zai sani? Ga shi ya taso inda ruwa ba a auna shi."

Mama tana gefe tana tsince shinkafar da babu ruwan dafa ta. Hannunta ya tsaya.

Kaka ta ci gaba: "Mai tsoro kuma kalma yake kamawa, ba ya da sararin duba gira. In ya gane daga baya, ciwon biyu ne: an yi masa faɗa, an kuma mai da shi wawa a gaban mutane."

Ƙanwata ta ce, "To Kaka, a daina ke nan?"

"Wa ya ce? Da me za mu rayu a garin nan? Amma ki harbi abin da ya dame ku tare, kada ki harbi wanda ke gabanki. Ki bari ya ga fuskarki. In kin ga bai kama ba, ki sauke masa maganar a miƙe tun kafin wani ya yi dariya. Ranar da kika gaji kuwa, ki bar shi, don gajiya tana shanye murya."

Ba ta rufe baki ba muka ji dum na fashewar bam daga nesa, ta wajen Gomari. Kofunan shayi suka yi ƙara. Kaka ta juya ta kalli Yagana ido cikin ido, ta ware hannu, ta ja murya har ƙarshenta: "Kai, garin nan akwai kwanciyar hankaliii!"

Yagana ta dube ta, ta dubi sama. Sai dariya ta kuɓuce mata, ta rufe baki da gefen lafayar da ta yafa. Tunda ta zo ban taɓa jin dariyarta ba.

Mama ta ture farantin shinkafa ta ce, "Yagana, ruwan ya yi mana kaɗan, shi ya kamata in faɗa miki. Ki yafe ni. Ki kwance kayan nan."

"Ƙurunƙus," in ji Kaka, "gawayi ya mutu."

Ba a daren ta kwance ƙunshin ba, sai da safe. Amma ta zauna, ɗanta ya warke a gidanmu.

Yanzu Kaka ta rasu, ni kuma ina koyarwa a wata firamare inda yawancin yaran a sansani aka haife su. Nakan dawo gida murya a dishe. Sau da yawa yaro zai zubar da tawada a kan littafi, in ji "madalla" ta taso mini har bakin leɓe, da muryar Mama sak. Sai in ga yadda ya kafe ni da ido yana jiran kalma, kalmar kawai, in haɗiye. Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar a kan wautar raƙumi ce. Sai da na girma na ga shi kaɗai ne a cikinta ya ɗauki mutum da gaskiya.

Kwanaki na kai wa Mama ziyara, na tarar da Yagana ta zo yini. Mama ta ƙona miya, ƙauri ya cika gida. Yagana ta ɗanɗana, ta juyo don Mama ta ga fuskarta sosai, ta ɗaga gira ɗaya ta ce, "Ya Halima, yau kam sai gidan sarki."

Mama ta jefe ta da murfin roba, suna dariya su biyu.