Malam Sai-na-gani da Guntuwar Tambaya

Tun da ya yi ritaya daga koyar da kimiyya, ya mayar da garejin gidansa aji: benci biyu, allo, da fanka mai ƙara. Ɗalibai na kiransa Malam Sai-na-gani. Matarsa takan ce ko tambayarsa aka yi ko gishiri ya ji a miya, sai ya nemi a nuna masa tukunyar.

Wata rana wata mai ɗinki da ke shirin sake zana jarrabawa ta miƙo masa takarda. Injin kwafi ya cinye ƙasan shafin, tambaya kawai ta rage: “Wanne daga cikin waɗannan ne wutar lantarki ke bi ta cikinsa?”

“Baba Malam, ai tagulla ce, ko?”

Shi ma tagullar ce ta fara zuwa bakinsa, amma ya haɗiye ta. Ya san irin wannan tambayar rabinta na cikin zaɓin da aka jera a ƙasa. In ya cike gurbin da kansa, tasa tambayar zai amsa, ba ta masu jarrabawa ba.

“Wuta na bin tagulla, 'yata. Amma wa ya ce miki tana cikin jerin? Nemo cikakken shafin.”

Ta fita tana ƙunƙuni.

Washegari ta dawo da shi. Roba, gilashi, busasshen katako, sai baƙin abin da ke cikin fensir. Ko ƙarfe ɗaya babu. A cikin huɗun, baƙin fensirin kaɗai wuta ke bi.

Ta tsaya tana kallon fensirin da take ta taunawa tun jiya.