Hachimou da Dabinon da Ruwa Ya Ci

Hachimou mutumin Tanout ne. Shekara goma sha tara yana kula da gonar dabinon Hajiya Sailuba a Ghuddwa, kudu da Sabha. Mutum ne marar yawan magana. In ya hau bishiya da hantsi yakan daɗe a sama, ganye na kaɗawa kewaye da shi, yana kallon rairayi har inda ido ya gaji.

Wata shekara dabino ya fara nuna, amma da sauran kwana goma kafin zaƙinsa ya zauna. Maƙwabcinsa Lado ya sare nasa da wuri domin yana gaggawar tafiya gida biki. Hachimou ya ce a jira.

A kwana na takwas aka tafka ruwan da tsofaffi suka ce sun manta da irinsa. Dabinon ya tsattsage, ya yi tsami a kan bishiya.

Hachimou ya hau mota zuwa gidan Hajiya a unguwar Hajara cikin Sabha, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na binsa kamar yana Tanout da damina. Ta zuba masa shayi, ta yi masa magana da Hausarta ta kasuwa.

"Malam Hachimou, caca ka yi da gonata?"

"Kusan haka, Hajiya. Kuma an cinye ni."

"To kuskure ne?"

"Ranar da na ce a jira, sama tas take. Na duba hasashen yanayi a waya, ba alamar hadari. Tun zuwana ruwa bai taɓa ɓata mana dabino ba, kuma nunanne ya fi daraja nesa."

"Amma Lado ya tsira."

"Biki ya tserar da shi. Da ba a yi ruwa ba, da nasa ne marar kyau a kasuwa."

Ta juya kofi a hannunta. "Ba ka da laifi ke nan?"

"Ina da shi. Da ruwan ya matso, wayar ta nuna kwana biyu kafin ya sauka, ni kuwa na daina dubawa. Sannan na zuba gonar duka a kan jira ɗaya."

"In an mayar da kai ranar farko fa?"

Ya kurɓi shayin. "Zan jira, Hajiya. Amma zan sare kashi ɗaya cikin huɗu in ajiye, ko da ruwa ba zai zo ba."

Ɗanta Barka ya so a sallame shi, ta ƙi.

Da shekara ta zagayo haka Hachimou ya yi, yana duba wayar kowace safiya. Ko ɗigo bai sauka ba. Barka ya yi ta mitar kason da aka sare da wuri. Hachimou ya saurare shi har ƙarshe, ya ɗauki igiyarsa ya nufi bishiyoyin gabas, inda dabinon ya yi ja yana ɗigar zuma.