Saƙon da Ya Ƙwace Mini Suna

Ni ne Makau. Shekara goma sha biyu ina gyaran waya a kasuwar Gummi, har Inna ma Injiniya take kirana.

Rannan Alhaji Mu'awiya mai shinkafa ya kawo wayarsa, wai saƙonnin matarsa na WhatsApp suna shigowa babu rubutu. Ban ko tsaya tunani ba na canja gilashi. Ba ta gyaru ba. Na goge wayar kaf, hotunan Makkarsa suka tafi. Wani saƙon ya shigo, fayau.

Hafsa, mai buga takardu a shagon kusa da ni, ta karɓi wayar. Ta kwafi saƙon ta liƙa a wurin rubutu, sai alamar turawa ta fito.

"Injiniya, ai saƙon da babu komai ba ya tafiya," in ji ta. "Akwai harafi a nan, irin wanda ba shi da siffa. Waya tana ƙirga shi, ido ba ya gani."

Ashe Hajiya fushi take yi, da gangan take aiko masa shiru.

Yanzu ko Inna Makau take kirana.